Lissafina ya ba ni 4, littafi ya ce 5: ina kuskuren yake?

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na sakandare, daga wani ƙauye a wajen Ringim:

"Assalamu alaikum Malam. Mun yi gwajin gano yawan ruwan da ke cikin shuɗin kofa salfet, CuSO₄·xH₂O. Na auna giram 2.50, na dafa shi a wuta kamar minti biyar har ya yi fari-fari, da ya huce na sake aunawa na samu giram 1.72. Lissafina ya ba ni x = 4 daidai, amma littafi ya ce 5 ne. Na maimaita lissafin sau da yawa, 4 yake fitowa. Ni ce na yi kuskure ko gishirin makarantarmu ne daban?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Lissafinki ba shi da aibi, na bi shi da kaina. Ruwan da ya fita giram 0.78 ne, idan aka raba da 18 ya ba da mol 0.0433. Abin da ya rage giram 1.72, idan aka raba da 159.5 ya ba da mol 0.0108. Na farko bisa na biyu ya kama 4.0. To amma lissafin nan ya dogara ne a kan zato guda ɗaya, cewa garin da ya rage a kaskon CuSO₄ ne tsantsa, babu ko ɗigon ruwa a jikinsa. A gwajinki wannan zaton bai tabbata ba. Kin sauke shi daga wuta da sauran ruwa a ciki, kuma zan nuna miki ko nawa ne.

Bari mu fara da abin da ya kamata sikeli ya nuna da a ce ruwan ya fita kaf. Nauyin mol ɗaya na CuSO₄ shi ne 63.5 na tagulla, da 32 na farar wuta, da 64 na iskar oksijin guda huɗu, jimla 159.5. Ruwa biyar kuwa 5 × 18 = 90. Ke nan mol ɗaya na shuɗin gishirin giram 249.5 ne, kuma kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. A cikin giram 2.50 da kika auna akwai ruwa giram 0.90 da busasshen gishiri giram 1.60. Da kin kai shi ƙarshe, ga yadda lissafin zai kasance:

mol na ruwa = 0.90 ÷ 18 = 0.0500
mol na CuSO₄ = 1.60 ÷ 159.5 = 0.0100
x = 0.0500 ÷ 0.0100 = 5

Ke kin tsaya a 1.72, ya kamata ki sauka zuwa 1.60. Bambancin giram 0.12 ne kacal, nauyin da bai kai na ƙwayar wake ɗaya ba, amma shi ya cinye miki molekul guda cur daga amsar. Dalili kuwa shi ne ruwan da ya maƙale yana cutar lissafin ta fuska biyu. An rage shi daga ruwan da ya fita, wato lambar sama ta ƙanƙance. An kuma ƙara shi a kan abin da kike ɗauka busasshen gishiri ne, wato lambar ƙasa ta kumbura. Sama ta ragu, ƙasa ta ƙaru, sai amsar ta faɗi fiye da yadda mutum zai zata.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ki riƙe. Samun lamba cikakkiya kamar 4.0 ba hujja ba ce ta cewa gwaji ya yi kyau. Ɗalibai da yawa suna ganin 4.0 sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai tunda ta fito tas ba ragowa, dole gaskiya ce. Taki dace ne kawai. Da kin sauke minti ɗaya kafin lokacin da kika sauke, wataƙila 3.7 za ki samu, da kin ƙara minti ɗaya kuma ki samu 4.4. Kada ma ki ɗauka 4.0 tana nufin ruwa huɗu sun fita saura ɗaya. Da a ce huɗu ne daidai suka fita, abin da zai rage shi ne CuSO₄·H₂O mai nauyin giram 1.78, ruwan da ya fita giram 0.72, lissafin kuma ya ba da 3.6. A naki, huɗun sun fita, na biyar ɗin ma ya fara fita, amma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana nan zaune.

Me ya sa na biyar ɗin yake taurin kai? Ruwan da ke cikin irin wannan gishiri ba jiƙa ba ce. Idan kin taɓa shuɗayen ƙwayoyin za ki ji su a bushe ƙamas. Ruwan yana cikin ginin ƙwayar ne, kowane molekul da gurbinsa, shi ya sa adadinsa yake tsayayye. A kofa salfet guda huɗu suna kewaye da tagullar, ɗaya kuma yana tsakani yana riƙe da su da ɓangaren salfet. Tunda riƙon ba iri ɗaya ba ne, ba sa fita lokaci guda. Huɗu sukan bar gishirin kafin zafi ya wuce digiri 110 da ɗan wani abu a ma'aunin Salshiyos, amma na ƙarshen sai zafi ya haura digiri 200 sosai. Matsalar ita ce shuɗin yana gushewa tun da fitar huɗun farko. CuSO₄·H₂O fari-fari ne mai ɗan alamar shuɗi da ido ba ya saurin kamawa, balle a ɗakin gwajin da haskensa na taga ne kawai. Kalmar da kika yi amfani da ita, fari-fari, ita ta fara nuna min inda aka tsaya.

Saboda haka ido ba ya yanke hukunci a wannan gwaji, agogo ma haka. Sikeli ne alƙali. Duk wanda ya taɓa shanya kauɗar tumatir ya san saman yanka yana bushewa alhali cikinsa da sauran danshi, kuma muddin buhun yana raguwa a nauyi to bushewar ba ta ƙare ba. Haka nan a kaskonki. Ƙa'idar ita ce ki dafa, ki bari ya huce, ki auna, ki sake dafawa, ki bari ya huce, ki sake aunawa, har sai awo biyu a jere sun zo ɗaya ko sun bambanta da abin da bai wuce giram 0.01 zuwa 0.02 ba. Wannan shi ake kira dafawa har nauyi ya tsaya, kuma in aka tambaye ki a jarrabawar WAEC ko NECO yadda za a tabbatar ruwan ya fita duka, amsar da ake nema ke nan. Awo ɗaya bayan dafawa ba ya gaya miki komai game da ƙarewa, domin ba ki da abin da za ki kwatanta shi da shi.

Ga yadda nake so ki sake yi, in malaminku ya ba ku dama. Ki wanke ɗan kaskon tangaran ɗin, wanda ake kira kurusibul, tare da murfinsa, ki ɗora su a wuta ba komai a ciki na minti biyu ko uku don danshin jikinsu ya fita, su huce, sannan ki auna su tare. A ce sun ba ki giram 22.40. Ki daka ƙwayoyin gishirin su zama gari, domin babbar ƙwaya tana bushewa a waje ta riƙe ruwa a ciki, wani lokaci kuma ta fashe ta yi tsalle. Ki zuba ki baje shi a gindin kaskon, kada ya taru tsibi, ki auna. A ce 24.90. Daga nan duk awon da za ki yi na kasko da murfi da gishiri ne gaba ɗaya, ba a kwashe garin a kai shi kan takarda, don ko yaya aka kwashe sai wani ya maƙale.

Ki fara da wuta 'yar kaɗan, murfin a ɗan karkace yadda tururi zai samu hanya amma abin da ya fantsama ba zai fita ba. Minti biyar na farko nan ne mafi yawan ruwan yake fita, nan ne kuma ake asarar gari idan aka yi gaggawa. Za ki ga raɓa ta taru a ƙarƙashin murfin, ki ga shuɗin yana ja da baya daga gefe zuwa tsakiya. Bayan haka ki ɗan ƙara wutar zuwa matsakaiciya na wasu minti biyar zuwa goma. Ki sauke da awartaki, ki rufe murfin ruf, ya huce. Awon farko zai iya zuwa kusa da naki na baya, 24.12. Ki mayar wuta minti uku zuwa biyar, ki iya samun 24.03. Ki sake, 24.00. Ki sake, 24.00. Nan za ki tsaya. Busasshen gishiri 24.00 − 22.40 = 1.60, ruwa 24.90 − 24.00 = 0.90. Waɗannan lambobin misali ne na yadda saukar take tafiya, naki za su ɗan bambanta, amma za ki ga raguwar tana ƙanƙancewa a kowane zagaye.

Ki kula da bakin hijabinki kusa da wuta, ki cusa shi cikin rigar gwaji ko ki ɗaure shi ta baya. Kaskon tangaran mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya a ido, don haka bayan hannu ake kusantarwa a ji, ba a kamawa. Kofa salfet kuma guba ne in ya shiga ciki, a wanke hannu bayan an gama.

Hucewar tana da nata sharuɗɗan, kuma a makarantunmu na karkara nan aka fi yin tuntuɓe. Ba a auna kasko da zafinsa, saboda iskar da ke tashi daga jikinsa tana sa sikeli ya nuna ƙasa da gaskiya, lambar kuma ta yi ta rawa. Amma in aka bar shi a buɗe ya daɗe, farin garin mayunwacin ruwa ne, zai zuƙo danshin iska ya fara komawa shuɗi. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, wannan yana faruwa da sauri, kuma sakamakonsa iri ɗaya ne da na rashin dafuwa, x ta yi ƙasa. Abin da aka tanada don wannan shi ne desiketa, tukunyar gilas mai rufi da abin shan danshi a gindinta. In babu ita, gwangwanin madara babba mai murfi mai kamawa ya isa, a zuba masa waɗannan 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko robar magani, bayan an ɗan gasa su. A bar kaskon ya sha iska minti ɗaya ko biyu da murfinsa a rufe, sannan a saka shi ciki har ya huce.

Hunturu kuma ta wata fuskar yake ɓarna. Iskarsa ta bushe ƙwarai, har takan janye ruwa daga wasu gishirin tun suna cikin kwalba in murfin bai kama ba. Ki duba kwalbar makarantarku. In kin ga ƙwayoyin sun yi farin ƙura a jikinsu kamar an barbaɗa musu gari, sun riga sun rasa wani ɓangare na ruwansu kafin ki auna, kuma ko kin dafa har nauyi ya tsaya za ki samu ƙasa da 5. Sai ki tsinci masu shuɗi mai sheƙi daga ƙasan kwalbar. Ban sa wannan a gaba ba a matsalarki saboda dafawa ɗaya ta minti biyar ta isa ta bayyana giram 0.12, amma ki duba ɗin.

Sai wuta. Inda babu gas, na san ana amfani da risho ko fitilar sipirit. Ba laifi, in dai harshen wutar shuɗi ne. Jan harshe mai hayaƙi yana shafa baƙi a gindin kasko, baƙin nan kuma nauyi ne da sikeli zai lissafa a cikin ragowar gishiri. Ki juya kaskon ki duba gindinsa kafin kowane awo. Fitilar sipirit ba ta da ƙarfi, za ta buƙaci zagaye fiye da na murhun Bunsen kafin ruwan ƙarshe ya fita.

Kada kuma jin wannan ya sa ki buɗe wuta iya ƙarfinta don a gama da wuri, domin akwai rami a wancan gefen ma. Idan zafi ya kai wajen digiri 650, CuSO₄ kansa yana fara rushewa ya zama baƙin CuO, iskar SO₃ ta tashi. Murhun Bunsen da aka buɗe wa iska duka yana iya kai gindin kasko wannan zafin. Alamarsa garin ya fara yin baƙi-baƙi ta gefen da ya taɓa tangaran, ga farin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. In gindin kaskon ya yi ja, kin wuce gona da iri. Sikeli bai san bambancin ruwa da SO₃ ba, duk abin da ya tashi ruwa zai kira shi. A ce giram 0.05 kawai na SO₃ ya fita, ragowar ta zama 1.55, asarar ta zama 0.95, x ta koma 5.4. Fantsamar gari waje da kuma gishirin da ya jiƙe tun a kwalba su ma sama suke tura amsar. Don haka lambar da kika samu tana nuna miki inda za ki duba. In ta gaza 5, ruwa ya saura, ko ya dawo, ko baƙin hayaƙi ya hau kasko. In ta haura 5, wani abu da ba ruwan ginin ba ne ya bar kaskon.

Akwai abu ɗaya da ya kamata malaminku ya duba, shi ne sikelin kansa. Lambobinki suna da gurbi biyu bayan ɗigo, ina fata haka sikelin yake nunawa. In irin mai nuna giram 0.1 ne, giram 2.5 ya yi kaɗan. Ragowar 1.6 tana ba da 5.0, amma 1.7 tana ba da 4.2, 1.5 kuma 5.9. Gocewa ɗaya ta lambar ƙarshe ta canja amsar baki ɗaya. Da sikeli mai 0.01, ragowar 1.61 tana ba da 4.9, 1.59 kuma 5.1, duka biyun 5 suke nufi. In mai 0.1 kaɗai ake da shi, a ɗauki giram 10 a faffaɗan kasko. Ragowar da ake sa rai 6.4 ce, kuma ko ta zo 6.5 ko 6.3, amsar 4.8 ce ko 5.2. Sai dai zai ɗauki lokaci kafin ya bushe. Ƙananan sikelin batir irin na masu sayar da zinari suna nuna 0.01, kuma a ganina makarantar da ba ta da wuta ta fi buƙatar irinsu a kan babban sikelin da ke jiran lantarki. A ajiye shi a teburin da ba ya girgiza, nesa da taga, don iska kaɗai tana motsa lambar ƙarshe.

Game da zagaye lamba zuwa cikakkiya, ni abin da nake karɓa daga ɗalibai shi ne 4.8 zuwa 5.2 a kira ta 5. Amma 4.4 ko 4.6 ba a tura ta ko'ina, sai a koma wuta. Rabi yana iya zama gaskiya a wasu gishirin, kamar farin garin da magina ke kwaɓawa su yi silin, CaSO₄·½H₂O, wanda ake samu in an dafa CaSO₄·2H₂O, amma kofa salfet ba ya cikinsu.

A takardar jarrabawa, inda za a ba ki lambobin kawai, hanya mafi gajarta ita ce:

18x ÷ 159.5 = nauyin ruwa ÷ nauyin busasshen gishiri
18x ÷ 159.5 = 0.90 ÷ 1.60
x = 4.98, wato 5

In an ba ki Cu = 64, ki yi amfani da 160, za ta fito 5.0. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne ɗalibi ya raba giram 2.50 da 159.5. Wannan haɗa nauyin gishiri mai ruwa ne da nauyin mol na marar ruwa, kuma yana ba da 3.2. Kin kauce masa, madalla.

Hanyar nan ba kowane gishiri take yi wa aiki ba, sai wanda ruwa kaɗai yake rasawa a zafin da ake dafa shi, ragowarsa kuma ta zauna lafiya. MgSO₄·7H₂O yana yi, kusan rabin nauyinsa ma ruwa ne, sai dai shi fari ne tun farko, babu launin da zai ruɗe ki ko ya taimake ki. MgCl₂·6H₂O ba ya yi, don yana sakin iskar HCl tare da ruwan. FeSO₄·7H₂O ma ba ya yi a buɗaɗɗen kasko, saboda ƙarfen yana haɗuwa da iska ya canja. Na san wani a ajinku zai ce a gwada da kanwar gida. Ita gauraye ce, da ƙasa a ciki, kuma tana ɗauke da NaHCO₃ wanda ke sakin CO₂ a wuta, don haka asarar nauyinta ba ta ruwa kaɗai ba ce.

A littafin gwajinki, ki bar 1.72 da 4.0 yadda suke, kada ki goge ki rubuta 1.60. Ki rubuta a ƙasa cewa an dafa sau ɗaya, ba a kai ga nauyi ya tsaya ba, ragowar tana da ruwa kimanin giram 0.12, shi ya sa x ta gaza 5. Sannan ki buɗe sabon shafi ki ja layuka na awon kasko, da kasko da gishiri, da aƙalla gurabe huɗu na awon bayan dafawa. In kun gama awon ƙarshe, ki ɗiga ruwa kaɗan a kan farin garin bayan ya huce. Zai koma shuɗi nan take, kaskon kuma ya ɗumama a hannunki, domin ruwan yana komawa gurbinsa ne yana sakin zafi. In kun narkar da shi a ɗan ruwa kuka bar shi ya bushe a hankali a inuwa, za ku samu shuɗayen ƙwayoyi da 'yan aji biyu za su yi nasu gwajin da su.